Jinin da ya dawo da dare

Da hantsi aka yi wa ɗan ƙanwata kaciya, jini ya tsaya, wanzami ya karɓi ladansa ya tafi. Bayan sallar isha'i sai muka tarar da zanen yaron ya jiƙe sharkaf. A asibiti likita ta yi wata tambayar da ta ba ni mamaki: akwai namiji a dangin mahaifiyarmu mai yawan kumburin gwiwa? Nan take na tuna da kawunmu, wanda muka taso muna gani yana ɗingishi, ana cewa sanyin ƙashi ne.

Ashe himofiliya ce. Kamar yadda aka fahimtar da ni, jini hawa biyu yake bi kafin ya tsaya. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet su ruga su toshe bakin rauni cikin 'yan mintoci. Daga baya wasu sinadarai su saƙa zaruruwa su ɗaure toshiyar ta yi ƙarfi. Mai himofiliya filatilet ɗinsa lafiya lau suke, sinadari na 8 ko na 9 ne ya yi masa ƙaranci. Toshiyar farko takan samu, kamar yaɓen laka da ba a sa wa ramno ba, sai ta zube bayan sa'o'i. Shi ya sa wanzami ya tafi hankalinsa kwance. Shi ya sa kuma jinin kan taru a can ciki, a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu da cikin tsoka, inda motsi ke karya toshiya mara ƙarfi.

Wanda filatilet ɗinsa suka gaza kuwa, tun daga farko jinin ba ya tsayawa, kuma a sarari yake: haɓo, jinin dasashi, al'ada mai yawa, da jajayen ɗige-ɗige a fata kamar tsinin allura. Wannan kan sami mace da namiji.

Batun gadon ne ya hana ni barci. Umarnin haɗa sinadaran nan biyu yana kan ƙwayar halittar gado mai suna X. Mace tana da X biyu, lafiyayyar takan rufa wa ɗayar asiri. Namiji ɗaya gare shi, daga uwarsa. Kowane ɗa namiji da mai ɗauke da ita ta haifa, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. 'Ya'yan kawu maza duk sun tsira, domin Y suka karɓa daga gare shi, amma 'ya'yansa mata kaf suna ɗauke da ita.

Dangin mijin ƙanwata har sun fara cewa ita ta kawo musu ciwo, alhali ba wanda ke zaɓen abin da ya gada. Mahaifiyarmu ɗaya da ita, saboda haka ni ma rabi da rabi nake. Cikina wata bakwai. Na riga na gaya wa maigidana cewa in namiji ne, ba cire beli, ba kaciya, sai an auna sinadaran jininsa.