Minista Ya Faɗa, Ko Minista Ya Tabbatar?

Da yawanmu mun zauna gaban malam mun karanta Ajurumiyya, muka haddace cewa jumlar Larabci iri biyu ce: wadda ta fara da fi'ili, da wadda ta fara da suna, mai mubtada'i da habari. Mun kuma yi Turanci a boko. Shi ya sa idan kanun labari na Larabci ya faɗo mana a waya aka ce mu mayar da shi Turanci, sai mu ga kamar aikin minti ɗaya ne, tun da kalmomin ba su fi bakwai ko takwas ba. Amma gajartar nan ita ce tarkon. Mai rubuta kanun labari yana zubar da abubuwa uku don ya samu wuri: lokacin da abin ya faru, wanda ya aikata shi, da kuma wanda ya ce ya faru. Mai fassara kuwa dole ya san inda kowannensu ya shiga kafin ya sa alƙalami.

Bari mu fara da ginin jumlar. Idan muka buɗe jarida irin Asharƙul Ausaɗ, wadda aka fara bugawa a Landan a 1978, ko shafin Aljazira, za mu ga wani abu da yake maimaita kansa. A cikin labarin, jumla takan fara da fi'ili na abin da ya wuce: "ƙala wazir", wato minista ya ce. A kanun kuwa sai a juya, suna ya zo gaba, fi'ili ya biyo baya a sigar mudari'i: "alwazir yaƙul". Wanda ya bi nahawun aji zai ɗauka ana nufin minista yana cikin magana yanzu, ko zai yi nan gaba. Ba haka ba ne, ya riga ya yi maganar tun jiya. A nan mun yi sa'a, domin kanun Turanci ma haka yake yi, yana ba da abin da ya wuce a sigar yanzu. "Arra'is yasilu ilal Ƙahira" sai ya zama "President arrives in Cairo". Idan muka rubuta "is arriving" ko "will arrive", mun mayar da shugaban cikin jirgi alhali ya kwana a masauki.

Haka jumlar da babu fi'ili a cikinta sam ba ta cika ba da wahala ba. "Almufawadat fi ɗariƙin masdud" mubtada'i ne da habari: tattaunawa ta cije. Cikakkiyar jumlar Turanci tana bukatar "are", amma kanun Turanci yana yar da ita, kamar yadda yake yar da "the". "Talks deadlocked" ya wadatar.

Inda aikin yake fara nauyi shi ne wurin masdari. Kanun Larabci yana son buɗewa da kalmomi irin "maƙtal", "irtifa'u", "iftitahu", "i'itiƙalu", wato kisa, hauhawa, buɗewa, kamu. Masdari ba ya ɗauke da lokaci, kuma ba dole ne ya ambaci mai aikatawa ba. "Iftitahu maɗarin jadid" yana iya nufin an buɗe sabon filin jirgi, yana iya nufin za a buɗe. Turanci ba zai bar mu mu tsaya a tsakiya ba: ko dai "New airport opens", ko kuma "New airport to open". Kanun shi kaɗai ba zai raba mana gardama ba sai in an saka kalma irin "gadan", gobe. In babu ita, sai mu sauka zuwa sakin layi na farko, inda fi'ilin yake a cikakkiyar sigarsa.

Akwai kuma ruɗanin jingina masdari ga suna. "Intiƙadul hukuma" na iya zama sukar da gwamnati ta yi, na iya zama sukar da aka yi mata. Mu Hausawa mun san wannan, domin "sukar gwamnati" ma fuska biyu gare ta. Turanci zai tilasta mana zaɓi tsakanin "criticism of" da "criticism by", kuma zaɓin da bai dace ba yana mayar da wanda aka zaga ya zama mai zagi. Ƙari a kan haka, jaridun Larabci ba sa sa wasali. Haruffa huɗun nan, ya, ƙaf, ta, lam, ana karanta su "yaƙtul", yana kashewa, ana kuma karanta su "yuƙtal", ana kashe shi.

Yanzu mu ɗauki kanu guda mu bi shi daki-daki. Mun ƙirƙire shi ne don gwaji, amma a kan ƙirar da ake gani kullum:

"Wazirud dakhiliyya yu'akkidu maƙtala 5 musallahina wa i'itiƙala 12 akharin."

Ma'anarsa a Hausa: ministan cikin gida ya ce an kashe 'yan bindiga 5, an kama wasu 12. Fassarar da hannu yake fara kaiwa gare ta ita ce:

"Interior minister confirms the killing of 5 gunmen and the arrest of 12 others."

Nahawunta lafiya lau, amma akwai gyara uku. Na farko, masdaran nan biyu sun yi nauyi a Turanci. "The killing of" da "the arrest of" sai su koma "killed" da "arrested", a kuma sa waƙafi a madadin "and", kamar yadda kanun Turanci ya saba. Na biyu, mu kiyayi cike gurbin da Larabcin ya bari. Zuciya za ta raya mana cewa jami'an tsaro ne suka yi kisan, mu rubuta "Security forces kill five". Amma "maƙtal" bai faɗi haka ba. Wataƙila bam ɗinsu ne ya tashi da su, wataƙila faɗa ne tsakaninsu da wata ƙungiya. Haka "musallahin" masu makami ne kawai. In muka ce "terrorists" mun yanke hukuncin da editan Larabcin bai yanke ba.

Gyara na uku shi ne mafi girma, wato kalmar "yu'akkid". Ƙamus zai ba mu "confirm", kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai a harshen jaridun Larabci "akkada" ta zama abincin yau da gobe. Ana amfani da ita sau da yawa don kawai kada a yi ta maimaita "ƙala", tare da 'yan uwanta "sarraha", "audaha", "ashara ila" da "adafa". Salon Larabci yana jin daɗin sauya kalma. Salon labarai na Turanci kuwa, irin na Roitas da Asoshiyeted Fires, ya fi son a yi ta maimaita "said" ko sau goma ne, domin ita ce kalmar da ba ta ɗaukar ɓangare. A kunnen mai karanta Turanci, "confirms" tana nufin abin gaskiya ne, jarida ma ta yarda, minista hatimi kawai ya buga. Ke nan da kalma ɗaya mun ɗauki iƙirarin gwamnati, wadda ita ma tana cikin rikicin, mun mayar da shi tabbataccen labari. In gobe ta bayyana cewa biyu daga cikin biyar ɗin manoma ne, mu ne muka sa hannu a kan cewa 'yan bindiga ne.

Saboda haka kanun da ya fi aminci shi ne:

"Five gunmen killed, 12 arrested, interior minister says."

Labarin ya zo gaba, mai maganar ya zo ƙarshe, nauyin maganar kuma yana wuyansa. Wannan "says" ta ƙarshe ita ce "in ji" ɗinmu ta Hausa.

To yaushe "confirms" take halatta? Idan labarin ya riga ya bazu daga wata majiya, sannan wanda yake da hurumin sani ya fito ya amsa. Misali, an kwana biyu ana raɗe-raɗin cewa wani jami'i ya ajiye aiki, sai ofishinsa ya ce haka ne. Alamar da muke nema a cikin labarin ita ce ambaton rahotannin da suka gabata. In kuwa abin da ya biyo bayan "akkada" ra'ayi ne ko matsayi, kamar muhimmancin zaman lafiya, to "stresses" ta fi dacewa, domin ba a tabbatar da ra'ayi, jaddada shi ake yi.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya gefen. Wani don gudun "confirms" sai ya faɗa kan "claims". Ita kuma tana ɗauke da shakka, kamar mu ce "wai". Larabci yana da nasa kalmomin shakkar, "za'ama" da "idda'a", kuma in edita bai yi amfani da su ba, bai kamata mu saka masa "wai" a baki ba. Haka "kashafa", wadda ake fassarawa "reveals": ita ma tana nuna cewa abin da aka fallasa gaskiya ne, don haka sai mun duba ko akwai hujja a cikin labarin, ko kuwa zargi ne aka yi wa ado.

Wani lokaci ma babu fi'ilin faɗa gaba ɗaya, sai ruwa biyu. Mu duba waɗannan misalai biyu na gwaji: "Misr: la ziyadata fi as'aril khubz" da "Misr: irtifa'u as'aril khubz". A ido ƙirarsu ɗaya. Amma a na farko, galibi gwamnatin Masar ce take magana, tana cewa babu ƙarin kuɗin burodi, don haka "Egypt says no rise in bread prices". A na biyu Masar wuri ce kawai, jarida ce take ba da labarin tashin farashi: "Bread prices rise in Egypt". In muka kwafe ruwa biyun yadda suke, mun bar mai karatu bai san ko alkawarin hukuma yake karantawa ko rahoton ɗan jarida ba.

Abin da muka ɗauka a matsayin ƙa'ida shi ne, kanu ne ƙarshen abin da za mu fassara, ko da shi ne farkon abin da muka gani. Mu karanta sakin layi na farko da na biyu, mu amsa tambayoyi uku: ya faru ko zai faru, an ambaci wanda ya yi ko ba a ambata ba, kuma bakin wa maganar ta fito. Wannan awon yana aiki har a rubutunmu na Hausa, inda "ya tabbatar da cewa" ta fara cinye "ya ce" a labarai da yawa. A wannan makon, kowa ya samo kanun Larabci guda uku masu "yu'akkid", ya karanta labaran da ke ƙarƙashinsu, ya ƙirga nawa ne a ciki aka tabbatar da wani abu da gaske. Allah Ya ƙara mana basira.