Abin da ake rubutawa a kan maɓallin kanti

A shafin kayan Amazon akwai maɓallai biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: Add to Cart da Buy Now. Kaya ɗaya ne, kuɗi ɗaya, amma nauyin da suke ɗora wa mai saye ya bambanta. Na farko cewa yake ka zuba a kwando, kana iya ci gaba da zagaye, kana iya fasawa. Na biyu kuwa kai tsaye yake kai ka wajen biya, don haka na wanda ya riga ya yanke shawara ne.

A Jiji, inda ake tallar motoci da wayoyin hannu, maɓallin da ke gaba shi ne Show contact. Wannan daidai ne a ganina, domin ba mai biyan kuɗin mota bai ji muryar mai ita ba, bai taya ba, bai ga inji da idonsa ba. Abin da zai iya yi a wannan lokaci shi ne kira, sai aka nemi hakan kawai a wurinsa.

Mu ɗauki mai sayar da atamfa da shadda ta intanet. Idan ta rubuta "Sayi yanzu" a ƙarƙashin hoton da ba farashi, ta nemi babban abu daga wadda ba ta ma san ko turmi ne ko yadi ba. "Duba kaloli" ko "Ga farashi" sun fi dacewa da baƙuwa, don ba sa ci mata komai. Wadda ta ga farashi tana kokwanton ingancin yadin, "Turo saƙo mu nuna miki bidiyo" ne zai motsa ta. "Biya" sai a ƙarshe, bayan an faɗi kuɗin aike zuwa garinta. Mafi rauni duka shi ne "Danna nan", wanda yake faɗin abin da yatsa zai yi ya bar abin da mutum zai samu.

Yawan dannawa kaɗai yana yaudara. A ce mutum 200 sun ga "Samu naki", 40 suka danna, 2 suka biya. Wasu 200 suka ga "Sayi turmi ɗaya", 15 suka danna, 5 suka biya. Kalma ta biyun ce ta fi kawo ciniki, ko da yake da adadi kaɗan irin wannan sai an maimaita gwajin kafin a gaskata. Ta farkon ta sa wasu zaton kyauta ce, suka tarar da shafin biya suka juya. Duk inda aka ga dannawa da yawa ciniki kaɗan, a fara duba ko kalmar ta yi alkawarin abin da shafi na gaba bai bayar ba. In za a gwada, a sauya kalmar kaɗai, a bar hoto da farashi da lokacin talla yadda suke, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi aikin ba.