Haƙarƙari biyu na gani, na uku ne ya kusa ja mana

Wannan rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta, don abin da ya same ni satin da ya wuce ba na so ya samu wani.

Duk ɗan Arewa da ke karatun likita a nan Kudu ya san wani aiki da ba a rubuta shi a taimtebul ba, wato tafinta. Da an kawo Bahaushe asibiti za ka ji ana cigiyarka. To ranar ina kol a imajensi aka kawo wani ɗan acaɓa, saurayi da bai fi shekara 25 ba, mota ta buge shi ta ɓangaren hagu. Hannunsa na hagu ya karye, kuma yana kukan ƙirji. Da ya ji na yi masa Hausa sai ya riƙe min riga ya ce, "Likita, don Allah kar ka tafi." Ban ma tsaya gaya masa cewa ni ɗalibi ne ba.

Aka yi masa eksire na ƙirji da na hannu. Rejistara ta miƙo min na ƙirjin ta ce in karanta. Ina ɗaga shi idona ya faɗa kan haƙarƙari na 5 da na 6 na hagu, duk sun karye, a fili ƙarara. Daɗi ya kama ni. Na ce karayar haƙarƙari biyu, sauran lafiya lau. Ta ce, ka tabbata? Na ce na tabbata. Ta tambaye ni sakan nawa na yi ina kallon hoton. Wallahi bai kai 10 ba.

Ba ta yi min faɗa ba. Kujera ta jawo ta ce in sake daga farko, a jere, kuma in riƙa faɗa da baki. Ga jerin, da yadda ya kasance a hoton wannan bawan Allah.

Mataki na farko bai ma shafi ciwo ba: hoton wane ne, kuma na yaushe? Ka duba suna da kwanan wata, ka duba alamar L ko R da ke jikinsa. A daren da aka kawo mutum biyar daga hatsari ɗaya, ambulan yakan rikice, kuma fim yakan juye a hannunka ka mai da hagu dama. Nasa ne, na ranar ne, alamar tana daidai.

Mataki na biyu shi ne ingancin hoton, kuma tambaya huɗu ce. Ta farko, ta ina aka ɗauka? Idan an rubuta PA, mutum yana tsaye ƙirjinsa na jingine da faranti, hasken ya shigo ta baya. Idan AP ne, galibi yana kan gado, hasken ya shigo ta gaba. Bambancin ba ƙarami ba ne: zuciya tana gaba-gaba a ƙirji, don haka a AP tana nesa da faranti, inuwarta sai ta ƙara girma, kamar yadda inuwar hannunka ke girma a bango idan ka matsar da shi kusa da tocila. Saboda haka ba a yanke hukuncin cewa zuciya ta kumbura a hoton AP. Nasa PA ne, tunda yana iya tsayuwa.

Ta biyu, ya tsaya sak ko ya karkace? Ka dubi kan ƙasusuwan nan biyu da suka taso daga kafaɗa suka haɗu a gindin wuya, wato kilabikul. Tazarar kowanne daga tsinin ƙashin baya da ke tsakiya ya kamata ta zama ɗaya. Idan ba ɗaya ba ce, bututun iska zai yi kamar ya kauce alhali bai kauce ba, kuma huhu ɗaya zai iya fin ɗaya duhu ba tare da wani ciwo ba. Ta uku, ya ja numfashi sosai? Ka ƙirga haƙarƙarin gaba da suke sama da dayafiram, wato shimfiɗar naman da ta raba ƙirji da ciki. Ana son a ga kamar 6, ko 9 zuwa 10 idan na baya kake ƙirgawa. Mai karayar haƙarƙari ba ya son jan numfashi saboda zafi, kuma idan bai ja ba, ƙasan huhu zai cunkushe ya yi fari kamar nimoniya, zuciya ta yi faɗi. Nasa na ƙirga 6, ya daure. Ta huɗu, hasken ya ratsa daidai? Idan kana iya hango ƙashin baya dishi-dishi ta bayan zuciya, ya yi.

A nan rejistara ta nuna min wani abu da ban lura da shi ba. Don a janye allon kafaɗa daga kan huhu, mai ɗaukar hoto yakan sa mutum ya turo kafaɗunsa gaba. Shi kuwa hannunsa a karye yake, bai iya ba, don haka allon kafaɗar hagu yana zaune a kan huhun. Ta ce in riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na uku shi ne bin sassa ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa waje. Bututun iska tukuna: yana tsakiya, ko ya ɗan jingina dama kaɗan, wannan ba komai. Nasa yana tsakiya. Sai huhu. Ba a kallon huhu ɗaya a gama sannan a koma ɗayan. Ana raba su sama, tsakiya da ƙasa, a kwatanta dama da hagu a kowane mataki, ana bin zanen jijiyoyin jini har kusa da bangon ƙirji. Sai zuciya: mun auna faɗinta santimita 13, faɗin cikin ƙirji 29. Rabin 29 shi ne 14.5, ke nan ba ta kai rabi ba, lafiya. Gefunanta kuma a fili suke. Idan gefen dama ya ɓace cikin fari, ciwon yana sashen tsakiya na huhun dama, saboda shi ne yake manne da wurin, kuma abu biyu masu kauri ɗaya idan suka haɗu layin da ke tsakaninsu yakan ɓace. Sai dayafiram: na dama yakan ɗan fi na hagu tsawo. Kusurwoyin da yake yi da haƙarƙari su zama masu tsini. Idan ɗaya ta dushe, ruwa ne ko jini, kuma kafin ya nuna a hoton gaba yakan kai wajen mililita 200. Nasa duk biyun da tsininsu. Daga ƙarshe ƙashi da nama, inda karayata guda biyu suke zaune suna jirana.

Na ɗago na dube ta, a raina ina cewa ai ga shi, abin da na faɗa ne. Ta ce saura mataki na huɗu.

Wannan matakin shi ne waiwaye. Akwai lunguna da ido yake tsallakewa ko da ka bi jerin nan, saboda abubuwa sun hau kan juna a wurin. Sai ka koma musu da gangan. Ƙololuwar huhu biyu, inda kilabikul da haƙarƙarin farko suka gitta, nan tarin fuka yake son zama, nan kuma iska take taruwa idan mutum yana tsaye. Bayan zuciya, inda nimoniyar ƙasan huhun hagu take ɓuya. Gindin huhu biyu, inda manyan jijiyoyi suke shiga: na hagu yakan ɗan fi na dama tsawo, kuma kaurinsu ya kamata ya yi kama. Ƙarƙashin dayafiram, inda siririn baƙin layi a dama yake nuna iska a cikin ciki, alamar hanji ko tumbi ya fashe, amma kumfar iskar da ke hagu yawanci ta cikin tumbi ce, ba matsala. Sai gefunan fim ɗin, kafaɗa da wuya.

Ban wuce lungu na farko ba. A ƙololuwar hagu akwai wani siririn farin layi kamar an ja da fensir, ya bi lanƙwasar ƙirji, kamar santimita 2 ƙasa da ƙololuwar. Na ce ko allon kafaɗar nan ne? Ta ce in gwada. Gefen allon kafaɗa idan ka bi shi zai kai ka ga sauran ƙashin har wajen ƙirji, kuma za ka ga zanen jijiyoyin huhu sun wuce ta bayansa. Wannan layin kuwa bai fita daga ƙirji ba, kuma samansa baƙi ne wuluk, babu zane ko ɗaya. Iska ce ta zubo tsakanin huhu da bangon ƙirji. Numotoras.

Ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ana shirin kai shi tiyata washegari saboda hannun. Idan aka sa shi barci aka haɗa shi da na'urar da ke tura iska cikin huhu da ƙarfi, ƙaramar hudar nan za ta iya ta zubo da iska ba hanyar fita, har ta danne huhun, ta ture zuciya gefe, jini ya kasa dawowa cikinta. Cikin 'yan mintuna mutum zai iya tafiya. Da "sauran lafiya lau" ɗina aka rubuta a folda ba wanda ya sake dubawa, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kaya. Aka sanar da masu sa barci, aka sa masa bututun ƙirji kafin tiyatar. Ni na yi masa bayani da Hausa. Ya ce, "Likita, ashe da sauran abu a ciki?" Na ce masa e, kuma ba ni na gano ba.

Kuskurena ba rashin sani ba ne, na san numotoras tun a aji. Abin da na fara gani ne ya ƙosar da ni na daina nema. Alhali karayar haƙarƙari ita ce ma ya kamata ta tura ni neman iska da jini, tunda tsinin ƙashin ne yake huda huhu.

Da muka koma hoton hannun, jerin bai canja ba. Na wane ne, wane hannu ne. Ingancinsa: a ƙashi ana son hoto biyu, na gaba da na gefe, kuma a dantsen ƙasa dole gwiwar hannu da wuyan hannu su fito a ciki. Sai bin gefen kowane ƙashi daga farko har ƙarshe. Sai waiwaye, wanda a nan gaɓoɓin ne, don idan ɗaya daga ƙasusuwan biyu ya karye ya goce, sau da yawa ɗayan yakan gurɗe a gwiwa ko a wuyan hannu. Wannan karon na duba kafin a ce in duba, gaɓoɓinsa suna wurinsu.

Abu ɗaya da ta ja min kunne a kai kafin mu rabu: idan majinyaci yana haki, jininsa yana sauka, ɓangare ɗaya na ƙirji ba ya shigar da iska, ba a tura shi ɗakin hoto. A nan take ake kiran manya a sace iskar. Jerin nan na wanda yake da lokaci ne.

Yanzu kullum kafin rawun nakan ɗauki fim uku in karanta da baki, har da waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau, don sai ka saba da mai lafiya kake gane marar lafiya. Wanda yake so mu riƙa yi tare, mu haɗu a masallacin hostal bayan la'asar ranar Asabar, kowa ya zo da hoto ɗaya da ya rikita shi, a rufe sunan mai shi. Shi kuwa mutumin an cire masa bututun, an sallame shi jiya. Allah Ya ƙara masa lafiya, mu kuma Ya ba mu sa'a.