Yadda na rage kafshan ɗin neman jini daga kalma 115 zuwa 46

1/ Instagram na barin ka rubuta harafi 2,200 a ƙasan hoto, amma wajen 125 kaɗai mai wucewa ke gani kafin "more". X kuwa 280 ya ba mu mu da ba ma biyan kuɗi. Duk abin da ka ajiye can ƙasa, ka ɗauka yawancin mutane ba za su kai gare shi ba. Bari in nuna da misali.

2/ Wata 'yar ajinmu ta turo min rubutun da za ta sa ƙarƙashin hoton ƙanwarta da ke kwance a asibiti, ta ce in duba. Da izininta na kawo shi, na cire sunaye da lambar waya. Ga shi yadda ya zo:

3/ "Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu 'yan uwa da abokan arziki, da fatan kun tashi lafiya. Cikin alhini da damuwa nake sanar da ku halin da 'yar uwarmu take ciki. Yarinya ce mai kirki, mai ladabi, ba ta taɓa faɗa da kowa ba.

4/ Tun ranar Lahadi take fama da ciwo, muka kai ta kemis, daga nan asibitin unguwa, daga nan aka tura mu asibitin koyarwa. Likitoci sun ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata kafin a yi mata aiki gobe.

5/ Mun gwada 'yan gida duk bai dace ba saboda nata O nagetif ne. Don Allah don Annabi duk wanda Allah ya ba iko ya taimaka. A yi ta yaɗawa. Allah ya ba da lada."

6/ Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma haka duk wanda hankalinsa ya tashi yake rubutu: daga farko yake ɗauko labarin. To amma ku ƙirga haruffan. Daidai kan "cikin alhini da damuwa" Instagram zai datse shi.

7/ Hoton yarinya, ga "cikin alhini" a ƙasa. Me za ka ɗauka? Rasuwa mana. Mutum zai rubuta Allah ya jiƙan ta ya wuce abinsa, alhali tana nan da ranta, jini take jira. Kalmar jini ma ba ta fito ba sai a ta 67, rukunin jinin kuma sai bayan ta 90.

8/ Kafin in goge komai sai da na yi mata tambaya ɗaya: wa kike so ya karanta wannan, kuma me kike so ya yi idan ya gama? Ta ce kowa da kowa. Na ce a'a, ba kowa ba. Mai O nagetif ba ya karɓar jini sai na mai O nagetif, kuma masu shi ba su da yawa a ƙasar nan.

9/ Ashe mutum ɗaya ake rubuta wa: mai irin wannan jinin, da ke cikin garin, da zai iya zuwa kafin safiya. Sauranmu duk 'yan aike ne. Da wannan mutumin na auna kowace jimla: idan na cire ta, zai fasa zuwa, ko zai ɓata hanya? Idan a'a ne, ta tafi.

10/ Kemis da asibitin unguwa suka fara fita. Tarihin ciwon na likita ne, mai ba da jini ba ya buƙatarsa. Har ila yau sirrin yarinyar ne, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

11/ "Mai kirki, mai ladabi" shi ne ya fi wahala. Ta ce, "Haba ke kuwa, ai shi zai sa a tausaya mata." Na gane ta sarai. Sai dai yabon hali irin wannan a ta'aziyya muka saba jin sa, shi ya ƙara wa rubutun kamar sanarwar rasuwa. Kuma ko da mafaɗaciya ce ai za a ba ta jinin.

12/ Sallama ban cire ta ba, don a wajenmu fara magana babu ita kamar faɗa wa mutum ɗaki ne babu ƙwanƙwasawa. Na dai mayar da kalma 14 na gaisuwa zuwa "Salam". "A yi ta yaɗawa" kuwa ta fita gaba ɗaya, wanda zai tura zai tura ko ba a ce masa ba.

13/ Abin da ya rage bayan gogewar ɗan kaɗan ne, kuma nan ne aka ga ramukan da tsawon ya rufe. Leda nawa ake nema? Ba a faɗa ba. Wa za a kira? Babu. Kalma 115 amma wanda ya yarda zai zo bai san inda zai dosa ba. Dole muka ƙara abubuwa a rubutun da muke ragewa.

14/ "Gobe" ita ce kalmar da ta fi haɗari a ciki. Saƙo irin wannan sai ya yi wata uku yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, kullum goben sabuwa ce. Wani ya gani ya ce ai tsoho ne, wani ya kira bayan an sallami mara lafiyar. Muka sa rana, kwanan wata da ƙarfe nawa.

15/ Sai "ya taimaka". Da me? A shafukanmu yawanci idan aka ce a taimaka, lambar asusu ce ke biyo baya, kuma an sha damfarar mutane da hoton marasa lafiya. Kalma shida, "jini ake nema, ba kuɗi ba", sun fi dogon roƙo kawar da wannan zargin.

16/ Ga abin da ya fito:

"Salam. Ana neman jini O nagetif, leda 2, kafin 8 na safiyar Alhamis 14 ga Maris, a asibitin koyarwa. Ɗaliba ce za a yi wa aiki, na 'yan gida bai dace ba. Jini ake nema, ba kuɗi ba. Don Allah mai irinsa ya kira wannan lamba."

17/ Rukuni, adadi, lokaci da wuri duk sun shige kafin "more", kuma gaba ɗayansa ya shiga rubutu guda a X. A na ainihin akwai cikakken sunan asibitin da garin. Kar ku rubuta "garin nan", don mai karantawa a Zinder ko Kumasi nasa garin zai ɗauka.

18/ Za a iya rage shi fiye da haka, na ƙi. "Na 'yan gida bai dace ba" ta zauna saboda tana amsa tambayar da kowa zai yi a ransa: ina danginta? "Don Allah" ma ta zauna, sau ɗaya. Idan aka cire waɗannan biyun sai ya koma kamar takardar da aka manna a bangon ofis.

19/ Gwajin ƙarshe: na karanta wa wata 'yar ɗakinmu sau ɗaya, na kife wayar, na ce me ake nema, a ina, yaushe? Ta kawo ukun. Da ta rasa ɗaya, da sai mu dawo da wannan ɗin gaba, ba wai mu ƙara bayani ba.

20/ In a X za ku saka, ku sani kowane linki harafi 23 yake ci komai gajartarsa, emoji ɗaya kuma biyu. Su ƙ, ɗ, ɓ ɗaya-ɗaya suke ci kamar sauran haruffa, don haka ba sai kun cire musu lanƙwasa don neman wuri ba.