Wasan taubasai da ya kusa hana aure

Mu biyu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, a gida ɗaya muka tashi a Nima cikin Ankara. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi, to mu kuwa mun ɗauka wannan izni ne na yin kome.

Bayan Babbar Sallah ta 1996 muka ɗauki hotuna biyu zuwa wurin wani mai hoto abokinmu. Na farko na ɗan mace ne ranar saukar karatunsa, da babbar riga da allo. Na biyu na ɗan namiji ne a gidan rawa, ga kwalabe a gabansa, hoton da ya daɗe yana ɓoyewa. Muka ce a musanya mana kawuna.

Aikin bai da wuya. Mai hoto ya sake wanke su yadda kawunan suka zo daidai a girma, ya yanke kowane da reza, ya kankare gefen takardar ta baya don kada ta yi tudu. Ya manna da gam, sannan ya ɗauki hoton abin da ya haɗa. Sabon ya fito sumul. Muka yi dariya har da hawaye, muka ba abokai su gani.

Wata uku bayan haka aka kai goron neman auren ɗan mace. Ba a yi mako ba goro ya dawo, tare da hoton gidan rawa a ambulan. Uban yarinya ya ce ba ya ba mashayi 'yarsa.

Kawu, mahaifin ɗan namiji, ya kira mu. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Fuska ta sha hasken rana daga dama, jiki kuwa hasken fitilar mai hoto ne daga gaba. Wuya ya fi fuska duhu. Wannan tabon ƙuna na bayan hannu kuma na san ranar da aka same shi."

Nan muka gane inda muka shiga. Ba yadda za a wanke ɗayanmu sai an tona asirin ɗayan. Ɗan namiji ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, jikina ne."

Washegari Kawu ya tasa mu gaba har zauren uban yarinya, da hotunan asali da dodonsu. Aka ɗaura aure bayan wata biyar, amma shekara guda Kawu bai amsa gaisuwar ɗansa da sakin fuska ba.

Yau 'ya'yanmu suna yin irin wannan da waya cikin minti ɗaya. Mukan ce musu taubashinka ya san wasa ne, amma wanda hoton zai faɗa hannunsa ba taubashinka ba ne.