Anko Ba Shi Ne Zumunci Ba

'Yan'uwana mata, gayyatar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta ƙawar da kika riga kika gaya wa ba ki da hali. Ina da irinta a nan Ringim. Sau uku tana gayyata ta biki Kano, kowanne da ankon atamfa, ga ɗinki, ga kuɗin mota da ya hau tun janye tallafin mai a 2023.

"Zan gani" ita ce amsa mai haɗari. Da kin faɗe ta sunanki ya shiga lissafi, a sayo miki turmi a Kantin Kwari, ya zame miki bashi. Ƙaryar rashin lafiya kuwa biki ɗaya take rufewa.

Shi ya sa nake amsawa tun ba a haɗa kuɗi ba: "Ƙawata, na gode da ba kya mantawa da ni. Har yanzu dai ba hali, kar a sa ni a anko. In amarya ta tare zan je ganin ɗaki."

Ba na lissafa mata dalilai, don kowane dalili ƙofar ciniki ne. In ta sake, in maimaita cikin fara'a.