Waƙoƙi Goma Sha Ɗaya

A shekarar 2009 ina ɗan sakandare a Yagoua muka ji labarin wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙin Hausa guda 11: ba sayarwa, ba saurare. Kafin mako ya zagayo, mai tura waƙa a waya a kasuwarmu ya rubuta sunayensu a kwali ya rataye. Ni da ban taɓa jin rabinsu ba, sai da na biya aka tura mini.

Na koma gida ina sa ran jin batsa. Wasu kam akwai rawar kai a cikinsu. Amma da na zo kan "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da abokansa, sai na ji addu'a ce, ana kai ƙarar azzalumai wurin Allah. A shekarar ma aka kama Ala, bisa zargin ya fitar da ita ba tare da ta bi ta hukumar tace fina-finai ba. Tun lokacin nake zargin irin wannan jeri: ana fara shi da sunan kare tarbiyyar yara, sai a cusa waƙar da ta taɓa masu iko.

Sai da na je karatun jarida na san cewa abin tsoho ne. A Amurka, Tipper Gore ta ji waƙar Prince mai suna "Darling Nikki" a faifan da ta saya wa 'yarta, hankalinta ya tashi. A 1985 ita da wasu matan manya suka kafa ƙungiyar PMRC, suka fitar da nasu jerin waƙoƙi 15, har kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kai a watan Satumba. Ƙarshenta kamfanoni suka yarda su riƙa manna takardar gargaɗi ga iyaye a jikin faifai. Wannan ya fi ɗauri mutunci, na yarda. Sai dai takarda tana buƙatar kwalin da za a manna ta, mu kuwa waƙa daga waya zuwa waya take tafiya. A ina za ka manna?

Nawa gwajin ya zo a 2015, ina sabon shiga rediyo. Shugaban mulkin yankin Mifi, can Bafoussam, ya hana sa "Coller la petite" ta Franko. Umarninsa bai kai Mayo-Danay ba, amma saƙonnin masu neman waƙar suka cika mini waya. Na saurare ta sau uku da alƙalami a hannu, na yanke cewa ba zan sa ta da yamma ba, lokacin da uwa da 'ya'yanta ke kewaye da rediyo ɗaya. Ban kuma ambaci sunanta a iska ba, don na tuna da kwalin kasuwa.

Washegari wani dattijo ya tare ni a ƙofar tasha, ya ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka." Muna tsaye ɗan acaɓa ya wuce, waƙar na tashi daga wayarsa.